Maki ba awa ba ne: yadda ake ƙiyasta girman aiki a ƙungiyar rubuta manhaja

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ban daɗe da shiga wata ƙungiyar rubuta manhaja ba. Duk farkon zagaye, wato ƙayyadadden lokacin da muke tsara aiki a kansa, sai a ce kowa ya ba aiki maki, 2 ko 5 ko 8, a cika gurbin `Story Points` a Jira, manhajar da muke bibiyar ayyukanmu da ita. Ni dai a zuci nakan lissafa awannin da aikin zai ɗauke ni, in mayar da su maki. Yanzu kuma manajanmu ya ce mu riƙa ɗaukar maki ɗaya a matsayin yini ɗaya. Yaya ake yin abin daidai, kuma me ya sa ake ta cewa maki ba awa ba ne?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Maki amsar tambaya ɗaya ce tak: wannan aikin, idan aka ajiye shi kusa da wancan da muka riga muka sani, ya fi shi girma ko bai kai shi ba, kuma da kamar ninki nawa? Lokaci yana shigowa daga baya, kuma ba ƙiyasta shi ake yi ba, auna shi ake yi daga abin da ƙungiya ta gama a zagayen da suka wuce. Idan ka raba waɗannan biyun a kanka, sauran duk mai sauƙi ne.

Ka ɗauki manoma biyu a bakin gona, ɗaya matashi mai jini a jika, ɗaya dattijo. Ka tambaye su kwana nawa noman gonar zai ɗauka, ba za su taɓa daidaita ba, domin kowa ƙarfinsa yake dubawa, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa. Amma ka nuna musu gonar da ke maƙwabtaka ka ce wacce ta fi aiki, nan take za su yarda cewa wannan ta ninka waccan, kuma ba faɗinta kawai za su duba ba, har da taurin ƙasarta da kututturan da ciyawa ta rufe. Abubuwa ukun nan su ne ke cikin maki: yawan aikin, wahalarsa, da abin da ba a sani ba game da shi. Saurin mai yin aikin ba ya ciki.

Tsarin ya samo asali ne daga mutanen da suka yi aikin manhajar biyan albashi ta kamfanin Chrysler a Amurka daga shekarar 1996, su Kent Beck da Ron Jeffries. Da farko da kwanaki suke ƙiyasi, irin kwanakin da babu taro, babu mai katse ka, sai su ninka da kusan uku su samu kwanakin gaske. Masu kuɗin aikin suka kasa gane yadda aikin kwana ɗaya zai ci kwana uku, don haka aka daina kiran su kwanaki, aka koma maki. Jeffries da kansa ya rubuta a 2019 cewa mai yiwuwa shi ya ƙirƙiro makin, kuma idan shi ne, ya yi nadama, saboda yadda ake amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba. Yana da kyau kuma ka san cewa jagorar Sikiram ta 2020, wato takardar ƙa'idojin tsarin aiki zagaye-zagaye da ƙungiyoyin manhaja da yawa ke bi, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, ba ta ambaci maki ba ko sau ɗaya. Wato al'ada ce da ƙungiyoyi suka ɗauka don tana musu amfani, kuma ranar da ta daina amfani babu dokar da ta hana a ajiye ta.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ke ciki na misali ne kawai. Mu ce ku huɗu ne, uku masu rubuta manhaja da ɗaya mai gwaji, kuna gina manhajar karɓar kuɗin makaranta, kuma zagayenku mako biyu ne, abin da Jira ke kira `Sprint`.

Matakin farko shi ne zaɓen ma'auni. Ku nemo ƙaramin aiki da kuka riga kuka gama, wanda kowa ya san cikinsa da wajensa. Misali, ƙara gurbin lambar wayar mahaifi a fom ɗin rajistar ɗalibi: an taɓa fom, an ƙara wuri a rumbun bayanai, an tabbatar lambar ta cika adadi, an gwada. Ku ce wannan 2 ne. Ana ba shi 2 maimakon 1 don a bar wuri ga abin da bai kai shi ba, kamar gyara rubutun da ke jikin maɓalli. Sai ku nemo ma'auni na biyu mai ɗan girma, misali fitar da rasit da za a iya bugawa bayan an biya, ku ce 5. Ina matsa wa sababbin ƙungiyoyi su sami ma'auni biyu, domin da ɗaya kawai ƙiyasi yakan karkace a hankali ba a lura ba. Da biyu kuwa, kowane sabon aiki sai a tambaya: ya fi lambar waya? Ya kai rasit?

Lambobin da aka saba amfani da su su ne 1, 2, 3, 5, 8, 13, wasu su ƙara 20, 40 da 100. An aro su ne daga jerin Fibonacci, aka ɗan gyara na ƙarshen. Ka lura tazarar tana ƙaruwa yayin da lambar ke girma, kuma da gangan ne. Mutum yana iya bambance aikin 2 da na 3, amma ba wanda zai iya rantsuwa cewa wani aiki 11 ne ba 12 ba. Tazarar tana hana ku ɓata rabin awa kan gardamar da ba mai iya cin ta.

Mataki na biyu shi ne zaman ƙiyasin. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta katuna, wadda James Grenning ya bayyana a 2002, Mike Cohn kuma ya yaɗa ta a littafinsa na 2005. Mai kula da buƙatun masu aikin ya karanta abin da ake so, a yi masa tambayoyi, kowa ya zaɓi katinsa a ɓoye, sannan a buɗe lokaci ɗaya. Ɓoyewar nan tana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, inda ƙarami ke jin nauyin saɓa wa babba. Idan babban injiniya ya riga kowa cewa 3, to duk ɗakin 3 zai ce, kuma abin da sabon yaro ya hango ya tafi ke nan.

Ga aikin da ke gabanku: iyaye su iya biya ta tiransifa, manhaja ta gane da kanta cewa kuɗin sun shigo, ta rubuta wa ɗalibin an biya. Aka buɗe katuna, aka ga 3, 5, 5, 13. Kada a haɗa a raba a ce 6 da ɗori, kada kuma a bi rinjaye. Mai 3 da mai 13 su ne za su yi magana.

Mai 3 ta ce kamfanin da ke karɓar kuɗin yana da bayanin yadda ake haɗawa da shi, ta taɓa yin irinsa, ba wani abu ba ne illa karɓar saƙo daga sabarsu a canja matsayin ɗalibi. Mai 13, wanda shi ne mai gwaji, ya ce to idan saƙon ya zo sau biyu fa, za a rubuta wa ɗalibi ya biya sau biyu ne? Idan uba yana da 'ya'ya uku ya turo kuɗinsu a dunƙule fa? Idan ya biya rabi ya ce sauran sai ƙarshen wata? Idan kuɗin sun fita daga asusunsa amma sabarmu tana kwance lokacin da saƙon ya iso? Nan take ya bayyana cewa ba aiki ɗaya suke ƙiyastawa ba. Ita tana kallon hanyar da komai ya tafi daidai, shi kuma yana kallon ranar da ma'ajin makaranta zai kira ya ce lissafi bai daidaita ba. A ganina wannan muhawarar ta minti goma ta fi lambar da za a rubuta daraja nesa ba kusa ba, domin ita ce ta fito da tambayoyi huɗu da ba don ita ba sai a tsakiyar aiki za a ci karo da su.

Sai a koma wurin mai kula da buƙatu. Ya ce biyan rabi dole ne, amma biyan 'ya'ya da yawa a dunƙule zai iya jira. Aka raba aikin: karɓar cikakken biya na ɗalibi ɗaya tare da kariya daga saƙo mai maimaituwa, 5, biyan rabi da nuna ragowar bashi, 3, sake tambayar kamfanin game da kuɗin da saƙonsu bai iso ba, 5, biyan dunƙule ya koma jerin jira. Jimillar ukun farko 13 ce. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk abin da ya kai 13 a zagayen mako biyu a yi ƙoƙarin raba shi, domin babban aiki yakan kai ƙarshen zagaye yana saura kaɗan, kuma saura kaɗan ba gamawa ba ce. Idan kuma rashin sanin ya yi yawa har an kasa sa lamba, sai a ware wa mutum ɗaya yini ɗaya ya je ya bincika ya dawo da bayani, sannan a ƙiyasta.

Ka lura makin na aikin ne gaba ɗayansa har ya kai ga an gama: rubutawa, dubawar abokin aiki, gwaji, da ɗorawa inda masu amfani za su gani. Ba a ba mai rubutu makinsa daban, mai gwaji nasa daban.

Yanzu ga inda lokaci ke shigowa. A ƙarshen kowane zagaye ku haɗa makin ayyukan da aka gama sarai. Wannan jimillar ita ce saurin ƙungiya, wanda za ka gani a Jira da sunan `Velocity`. Mu ce zagaye uku na farko kun gama 18, 24 da 21, matsakaici 21. Jerin ayyukan da suka rage kafin a miƙa manhajar ya kai maki 130. Lissafin shi ne:

```
130 / 24 = 5.4
130 / 21 = 6.2
130 / 18 = 7.2
```

Tunda ba a yin rabin zagaye, amsar ita ce zagaye 6 idan abubuwa sun tafi yadda ake so, 8 idan sun yi tsauri, wato tsakanin mako 12 da 16. Wannan ita ce amsar da ake kai wa mai makarantar, kuma ba wanda ya zauna ya ƙiyasta awa ko ɗaya kafin a same ta. Tarurruka, ɗaukewar wuta, ranar da intanet ta ƙi, jiran abokin aiki ya duba abin da ka rubuta, zuwa suna ko jana'iza, duk suna cikin 21 ɗin nan, domin an auna ta ne daga makonnin gaske da waɗannan abubuwan suka faru a cikinsu.

Akwai wani alheri kuma a nan. Ko da ƙungiyarku tana da halin raina aiki, tana ba komai maki ƙasa da yadda ya kamata, hasashen zai fito daidai muddin rainin ya shafi duk ayyukan bai ɗaya. Makin jerin zai yi ƙasa, saurin ma zai yi ƙasa, rabawar ta ba da amsa iri ɗaya. Abin da ake nema a wurinku shi ne daidaito tsakanin aiki da aiki: 3 na yau ya yi kama da 3 na watan jiya.

To mu gwada shawarar manajanku a kan wannan ƙungiyar. Mutum huɗu, kwana goma na aiki, maki ɗaya yini ɗaya: maki 40 ke nan a kowane zagaye. Za a tsara aikin 40, a raba 130 da 40, a yi wa mai makaranta alkawarin zagaye huɗu, mako takwas. Amma ba wanda ke samun awa takwas cur na rubuta manhaja a yini, don haka a ƙarshen zagaye ba za a kai 40 ba. Sai a fara tambayar ina sauran suka tafi. Mutane ba sa son a riƙa tuhumarsu duk mako biyu, don haka a zagaye na gaba aikin da ya cancanci 2 sai ya zama 3, na 3 ya zama 5, har lambar ta kai 40 ɗin da ake so. A takarda komai ya daidaita, amma yawan abin da ake miƙawa bai ƙaru ko kaɗan ba, kuma saurin ya daina gaya muku komai, tunda an riga an yanke masa adadi tun kafin a fara aiki.

Illa ta biyu ita ce wadda kai kanka kake ji a jikinka. Aikin da zai ɗauke ka kwana uku, babban injiniyanku zai gama shi a yini ɗaya. Idan maki yini ne, kai 3 za ka ɗaga shi kuma 1, kuma ba wanda ya yi kuskure. Sai dai a ce ba za a sa maki ba sai an san wanda zai yi aikin, alhali jerin ayyuka na wata uku masu zuwa ba wanda ya san hannun da kowanne zai faɗa. Idan kuwa da ma'auni kuke kwatantawa, za ku haɗu: a wurinka ya ninka aikin lambar waya, a wurinsa ma ya ninka, ko da shi lambar wayar ta ɗauke shi awa uku kai ta ɗauke ka yini.

Wani zai ce ai ana iya raba awanni da maki a samu farashin maki ɗaya. Ana iyawa: awa 320 na mutum huɗu a mako biyu, a raba da 21, kusan awa 15. Amma wannan matsakaici ne na ƙungiya gaba ɗaya bayan an gama, ba alkawari ba ne a kan aiki guda. Idan ka bi tarihin ayyukanku za ka ga abu kamar haka: ayyuka huɗu masu maki 3, ɗaya ya ƙare a yini ɗaya, biyu sun ci kwana biyu-biyu, ɗaya ya ja har kwana biyar saboda an ci karo da tsohuwar matsala a rumbun bayanai. Za ka kuma ga aikin 5 da ya riga wani aikin 3 ƙarewa. Wannan ba alamar kun yi ƙiyasi mara kyau ba ce. A kan aiki guda maki ba ya hasashen lokaci da kyau, sai an tara ayyuka takwas ko goma ne masu ja da masu sauri ke cike wa juna. Shi ya sa ba a cewa mutum: an ba aikinka 3, ga shi ka kwana huɗu, me ya faru?

Alamomin da za su nuna maka abin ya fara lalacewa a ƙungiya ba su da wuyar gani. Idan saurin yana ta hawa zagaye bayan zagaye amma masu amfani ba su ga ƙarin komai ba, ku ɗauko aikin da kuka ba 5 a wannan makon ku ajiye kusa da rasit ɗin da ke ma'auninku. Idan bai kai shi ba, makin ya kumbura. Idan ka ga allo mai nuna makin da kowane mutum ya ci, to ba da jimawa ba za a daina taimakon juna, domin wanda ya bar aikinsa ya zauna da kai awa biyu yana warware maka matsala ba shi da maki a wannan allon. Haka nan kwatanta ƙungiya da ƙungiya: masu 40 ba su fi masu 21 aiki ba, ma'auninsu ne daban.

Sai batun aikin da ba a gama ba. Zagaye ya ƙare, aikin 5 ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari, sai a ji sha'awar rubuta 4 a wannan zagayen, 1 a na gaba. Kada ku yi. Wannan zagayen sifili ne a kansa, zagayen da aka gama shi ya ɗauki biyar ɗin duka. Zagaye ɗaya zai yi ƙasa, na gaba ya yi sama, matsakaicin uku ya daidaita su. Dalili shi ne kashi 20 ɗin ƙarshe, wato gwaji da gyaran abin da gwaji ya tono, shi ne inda ba a san tsawonsa ba. Haka kuma ba a komawa a canja makin aikin da aka gama don ya ɗauki lokaci fiye da zato, domin ayyukan da ke jerin jira an ƙiyasta su ne da ilimin kafin a fara, kuma dole saurin ya kasance da irin wannan ma'aunin.

Ba ko'ina maki ke da amfani ba. Idan kai kaɗai kake aiki, babu wanda kake neman daidaitawa da shi, awanninka sun ishe ka. Idan aikinku gyaran matsalolin da ke faɗowa kullum ne, ƙirga yawan waɗanda ake rufewa a mako ya fi sauƙi. Ƙungiyoyin da suka iya raba aiki ƙanana masu kusan girma ɗaya sukan bar maki gaba ɗaya su riƙa ƙirga ayyuka. Sabuwar ƙungiya kuma ba ta da saurin da za a dogara da shi sai ta yi zagaye uku ko huɗu, kuma duk lokacin da mutum ya fita ko ya shigo sai an sake aunawa. Awanni ma suna da wurinsu: bayan kun ɗauki aiki cikin zagaye, ba laifi ka farfasa shi ka ce wannan ɓangaren rabin yini ne, don tsara makonka. Abin da ba a yi shi ne mayar da wannan lissafin ya zama makin.

Game da manajanku, ka yi masa adalci: ranar gamawa yake nema, domin shi ma akwai mai tambayarsa, kuma haƙƙinsa ne ya samu amsa. Tunda kai sabo ne, kada ka tare shi a gaban jama'a. Ka kai maganar taron waiwaye na ƙarshen zagaye, ko ka fara tattaunawa da babban injiniyanku. Ku buɗe rahoton `Velocity Chart`, ku ɗauki zagaye uku na ƙarshe, mafi ƙanƙanta da mafi girma, ku raba makin da ya rage da kowannensu, ku ba shi ranaku biyu, ta kusa da ta nesa, tare da alkawarin sabunta lissafin duk ƙarshen zagaye. Kai kuma a zaman ƙiyasi na gaba, ka rubuta ayyukan ma'aunin nan biyu a takarda ka ajiye a gabanka, kafin ka ɗaga kati ka duba wanne ne sabon aikin ya fi kama da shi, kuma idan lambarka ta fita daban da ta kowa, ka faɗi abin da ka gani ya sa ka zaɓe ta.